Sana'ar Bayan Tashi Daga Aiki: Wacce Ce Za Ta Iya Jiran Ma'aikaci?

Ma'aikacin da ke zaune a ofis daga safe zuwa yamma, kwana biyar a mako, idan ya fara tunanin sana'a yakan tambayi wacce ta fi riba. Akwai tambayar da ta riga wannan, wato a wane lokaci sana'ar take neman mai ita. Wata tana cin awa goma a mako amma duk a ranar Asabar, kuma ba ta damun kowa. Wata awa biyu kacal take ci, sai dai awa biyun nan suna faɗowa ne ranar Talata da hantsi, kana tsakiyar taro da shugabanka, wayarka na ta rawa a aljihu. Ta biyun ce ke jawo takardar tuhuma, ita ce kuma ke cinye jari, domin duk abin da ba ka samu zuwa ka gani ba wani ne zai yanke hukunci a kansa da kuɗinka.

Sana'o'i biyar ne ma'aikata suka fi yawan kai da kawo a kansu: hayar kujerun taro, ajiyar hatsi, ba direba abin hawa, buɗe shago a sa yaro, da kiwon kaji. Zan auna su da ma'auni ɗaya. Domin lissafi ya yi wa kowa amfani, zan ɗauka jarin 1,000 ne, ko da wane irin kuɗi kake ƙirge, kuma alƙaluman misali ne kawai, sai ka sa naka a gurbinsu.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne jira. Idan matsala ta taso da safe, za ta iya kaiwa yamma, ko ma ƙarshen mako, ba tare da ta ninka ba? Kujerar da ta karye ranar Litinin tana nan yadda take ranar Asabar, amma kajin da ruwansu ya ƙare da tsakar rana a lokacin zafi ba za su jira ka tashi daga aiki ba.

Na biyu shi ne yawan cinikin da ake yi ba a gabanka ba. Sana'ar da kuɗi ke canja hannu sau uku a wata za ka iya bin kowane ciniki da kanka. Wadda ake ciniki sau tamanin a rana kuwa, abin da aka faɗa maka shi ke nan ka sani. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka zo da yamma a gajiye, minti nawa za ka ɗauka ka tabbatar da cewa kaya da kuɗi sun yi daidai? In ya wuce rabin awa, ba za ka riƙa yi kullum ba, komai niyyarka a watan farko.

Na uku shi ne abin da zai rage a hannunka ranar da ka daina. Ma'aikaci ba shi da tabbacin zama wuri ɗaya. Takardar canjin wurin aiki tana iya zuwa ba shiri, haka kwas na wata uku. Sana'ar da za ka iya naɗewa cikin mako biyu ka fito da mafi yawan jarinka ta fi wadda sai ka yi gwanjo.

Akwai na huɗu, wanda ba a auna shi da riba, wato dokar aikinka. Ƙa'idojin aikin gwamnati a ƙasashe da yawa sun taƙaita sana'ar da ma'aikacin cikakken lokaci zai yi. Wasu sun bambanta mallakar jari da gudanar da kasuwanci, wasu suna neman izini a rubuce, wasu suna neman a bayyana kadara. Ka karanta taku kafin ka kashe ko sisi, kada ka dogara da cewa kowa a ofis yana yi. Abu ɗaya kuma kusan ko'ina laifi ne: ka sayar wa ma'aikatarka kaya, ko ka yi ciniki da mutumin da fayil ɗinsa ke kan teburinka. Rubuta sunan matarka ko ƙaninka a takarda ba ya sauya wannan.

Hayar kujerun taro

Wannan ce ta fi dacewa da agogon ma'aikaci, domin bukukuwa da taruka sun fi faɗowa a ƙarshen mako. Mai so zai kira tun kwanaki kafin ranar, a ɗauki kaya Juma'a da yamma, a dawo da su Lahadi ko Litinin da sassafe. Kujera ba ta cin abinci kuma ba ta ruɓewa, abin da take so kawai ɗaki mai inuwa, domin rana ce ke busar da roba har ta riƙa tsagewa a ƙafa.

A ce ka sayi kujera 200 a kan 4 kowacce, ka kashe 800, ka ajiye 200 a gefe. A ce hayar dukansu a taro ɗaya 40 ce, mai taro ne kuma ke biyan kuɗin mota. Idan ana ɗauka sau uku a wata ka samu 120. Cire kujera biyu da ke ɓata ko karyewa a kowace fita, shida ke nan a wata, 24. Cire 15 na masu lodi, wato 5 a kowace fita, da 10 na ɗakin ajiya. Saura 71, wato kuɗin kujerun zai dawo a cikin kusan shekara guda. Idan kuwa sau ɗaya ake ɗauka a wata, abin da zai rage 17 ne, sai ka kusa shekara huɗu kafin ka ga jarinka, lokacin kujerun sun fara tsufa. Duk sana'ar ta rataya ne a kan yawan fita, shi ya sa kafin ka saya ya kamata ka san masu haya nawa ne kusa da kai, ka kuma bincika ko suna mayar da mutane saboda kaya sun ƙare musu a ranakun cunkoso. In ba sa mayarwa, kasuwar ta cika.

Inda ake yin asara a nan wajen ƙirge ne. A ƙirga a gaban mai ɗauka ya sa hannu, a ƙirga a gabansa ranar dawowa. Idan ka bari aka sauke kaya da dare kana barci, washegari ka tarar da 194, ba wanda zai yarda a wurinsa suka ɓata. A buga wa kowace kujera alama da fenti a bayanta, domin a babban taro ana haɗa kujerun masu haya biyu ko uku, kuma tsofaffin wani ne ke dawowa gidanka. A karɓi kuɗin ajiya da ya kai farashin kujera biyar ko shida, a mayar idan kaya sun cika. Sai kuma 'yan uwa da abokan aiki masu cewa a ba su aro. Aron ma yana karya kujera, don haka ka tsayar da ƙa'ida tun ranar farko, ko rabin kuɗi ne, kafin abin ya zama al'ada.

Ajiyar hatsi

A wajen neman hankali babu wadda ta kai wannan sauƙi. Ciniki biyu ne a shekara, saye lokacin girbi da sayarwa bayan watanni, tsakaninsu kuma leƙawa ce sau biyu a wata. Aikin duka yana cikin makon saye. Hatsi sai ya bushe sosai, masara misali danshinta ya kamata ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka. Wanda ba shi da na'urar aunawa yana iya zuba ƙwayoyin a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza ya ajiye. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango. Buhu mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, amma ɓera ɗaya ya huda shi amfaninsa ya ƙare. Idan ka shiga ɗakin ka ga gari-gari a ƙasan buhu, ko ka sa hannu ka ji ɗumi, ko warin rima ya tare ka, ka sayar a makon, kada ka jira farashi.

Ga lissafin. Ka sayi buhu 90 a kan 10, ka kashe 900. Sauran 100 ya tafi a buhunan ajiya, mota, 'yan dako da hayar ɗaki. Bayan wata shida, tsakanin ƙarin bushewa da ɓarnar ƙwari, abin da za ka auna ya koma buhu 87. In farashi ya kai 13 ka karɓi 1,131, riba 131. In ya tsaya a 11 ka karɓi 957, ka faɗi da 43 duk da cewa farashi ya tashi. Sai ya kai 11 da rabi, wato ƙarin kashi 15 cikin 100, kafin ka mayar da kuɗinka kawai. Mutane da yawa ba sa yin wannan lissafin, suna ganin duk abin da ya haura 10 riba ne.

Haɗarinta ba ya hannunka. Damina ta yi kyau, ko gwamnati ta buɗe shigo da abinci daga waje, farashi sai ya kwanta, kuma jarinka duka yana cikin abu ɗaya. A shekarar da kuɗi ke rage daraja da sauri, ribar 131 tana iya zama ba ta sayi abin da 1,000 ta saya a baya ba. Wasu ƙasashe kuma suna da dokar hana ɓoye abinci a lokacin ƙarancinsa, ya kamata ka san inda iyakar take.

Abin hawa a hannun direba

Wannan ce ke ruɗar ma'aikata, domin lissafinta a baki yana da daɗi. Ka sayi abin hawa a kan 1,000, direba zai kawo 3 kullum, kwana 26 a wata, 78 ke nan, ka ce cikin wata goma sha uku ka gama. A aikace kwanakin ba sa cika. Ranar gareji, ranar da direba ba shi da lafiya, ranar da jami'an hanya suka riƙe shi, sai ka ga kwana 22 ne, wato 66. Cire 16 na juyen mai da taya da birki, 5 na takardu da inshora, 10 da za ka riƙa warewa domin babban gyaran da ba ya wuce shekara bai zo ba. Sai wanda kowa ke mantawa: abin hawan da ka saya 1,000 idan bayan shekara uku 400 za a saye shi, kana asarar kusan 17 duk wata ba ka gani. Abin da ya rage 18 ne a wata. Ba laifi ba ne a matsayin riba, amma ya yi nisa da 78, kuma da kiran waya ake samunsa. Mota a lokacin aiki take lalacewa, wato lokacin aikinka kai ma, kuma makaniki da direba sun san ba za ka zo ka ga abin da aka canja ba.

Akwai hanyar da ke rage wannan, ita ce a ba direba ya biya a hankali ya mallaka. Ka saya 1,000, ku yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu zai biya 1,400, 20 duk mako har mako 70, gyara a kansa. Tunda ya san nasa ne a ƙarshe, yakan kula da shi, kai kuma aikinka duba shigowar kuɗi sau ɗaya a mako. Amma ka lura da inda ribar take. Sai a mako na 50 jarinka zai gama dawowa, ribar duka tana cikin makonni 20 na ƙarshe, daidai lokacin da abin hawan ya gaji, direban ma ya gaji da biya. Saboda haka takardun mallaka su zauna da sunanka har biya na ƙarshe, a samu mai tsaya masa wanda ke da abin da zai rasa, a rubuta abin da zai faru idan ya tsallake mako uku a jere. Alamar farko ta matsala ita ce biyan rabi-rabi tare da dogon bayani. Kuma muddin sunanka ne a takarda, ranar da aka yi hatsari kai za a nema, shi ya sa inshora ta gaskiya ba wurin yin tsimi ba ne.

Shago da yaro, da kiwon kaji

Na haɗa su ne domin ciwonsu ɗaya: dukansu sana'o'in cikakken lokaci ne da ake sayar wa ma'aikaci a matsayin na gefe. Shagon kayan masarufi ribarsa a kan kowane kaya siririya ce, cinikinsa kuma ɗaruruwa ne a mako, duk a bayan idonka. Ba sai yaron shago ya zama ɓarawo ba. Bashin da ya ba maƙwabta don kunya, kayan da wa'adinsu ya wuce, da ɗan abin da ya ci da rana sun isa su shanye ribar. Wani ma yakan sayo nasa kayan ya jera a kan kantarka ya fara sayar da su, kai kana biyan haya da wuta, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Za ka gane shago yana mutuwa idan kuɗin da ake kawo maka bai ragu ba amma kantoci suna ta yin fili, wato jarinka ake miƙo maka da sunan ciniki. In dole sai shago, a taƙaita shi ga kaya iri biyar ko shida masu ƙirguwa, waɗanda za ka tsaya a bakin ƙofa ka lissafa cikin minti goma.

Kaji kuwa suna da riba ga mai zama da su. Na nama suna isa sayarwa a mako shida zuwa takwas, masu ƙwai sai sun kai mako 18 zuwa 20 kafin su fara, duk tsawon lokacin nan ci suke yi, abinci kuma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na abin da za ka kashe. Makonni biyun farko na 'yan tsaki suna son a duba ɗuminsu dare da rana. Cuta idan ta shiga, tsakanin safe da yamma sai ta yi ɓarna. Na nama idan sun isa ba a samu mai saye ba, kowace rana ta ƙari cin ribarka suke yi. Wanda ke da babban mutum a gida wuni guda, mai son aikin da kansa kuma da rabonsa a ciki, zai iya. In babu shi, a bar maganar.

| Sana'a | Za ta iya jira? | Sauƙin bincike | Ƙarko | Babban haɗari | Abin da zai rage in ka daina |
|---|---|---|---|---|---|
| Hayar kujeru | Har ƙarshen mako | Ƙirge kawai | Shekaru, in suna inuwa | Ƙarancin masu haya | Kamar rabi, gwargwadon tsufa |
| Ajiyar hatsi | Makonni | Leƙawa sau biyu a wata | Zango ɗaya | Faɗuwar farashi, ƙwari | Farashin kasuwa na ranar |
| Abin hawa, kawo kullum | A'a | Da wuya | Yana raguwa kullum | Gyara, hatsari | Ƙasa da rabi bayan shekaru |
| Abin hawa, biya a mallaka | Mako guda | Duba biya | Har ƙarshen yarjejeniya | Direba ya daina biya | Ba a fita sai an gama |
| Shago da yaro | A'a | Da wuya ƙwarai | Ya dogara da yaron | Zurarewar jari | Kaɗan |
| Kiwon kaji | A'a, ko na awa uku | Sai da mai zama | Zango ɗaya | Cuta, tsadar abinci | Keji da kwanuka |

Da wane kuɗi

Duk lissafin da ke sama na ɗauka kuɗin ajiyarka ne. Idan rance ne da za a riƙa cira daga albashi, komai ya sauya, domin cirewar tana zuwa duk wata ko sana'a ta kawo ko ba ta kawo ba. Ajiyar hatsi da rance ita ce mafi muni: wata shida kana biya ba abin da ke shigowa, kuma ribar 131 ɗin nan mai yiwuwa ba ta kai abin da za a ɗora maka a kan rancen ba. Ko da kuɗinka ne, ka ware kashi ɗaya cikin biyar kada ka taɓa, kamar 200 ɗin da muka bari a lissafin kujeru, ka kuma buɗe wa sana'ar asusunta daban. Idan kuɗinta da albashi suna zuba a wuri ɗaya, albashin zai riƙa toshe ramin a ɓoye, sai ka shekara kana ciyar da sana'a kana zaton ita ke ciyar da kai.

Wacce ta dace da wa

Wanda Asabar da Lahadinsa nasa ne, yana da ɗaki ko rumfar da ba ya amfani da ita, kuma yana son ɗan abin da zai riƙa shigowa duk wata, hayar kujeru ce tasa, ya fara da 100 ya ga yawan fita na wata uku kafin ya ƙara. Wanda aikinsa ke cinye har ƙarshen mako, ko mai yawan tafiye-tafiye, amma yana da kuɗin da ba zai buƙata ba sai bayan wata shida ko takwas, ajiyar hatsi ta fi masa, da sharaɗin ya ɗauki hutun kwana biyu ko uku ya tsaya a kan saye da kansa, kuma kada ya zuba duk abin da ya mallaka. Wanda ya riga ya san direba shekara da shekaru, ya san gidansa da mai tsaya masa, yana iya ba shi ya biya a hankali ya mallaka, amma tsarin kawo kuɗi kullum a bar wa mai lokacin zuwa gareji. Wanda ke jin ƙishin-ƙishin canjin wurin aiki ya guji duk abin da ke da yarjejeniyar fiye da shekara, hatsi ne kaɗai zai iya sayarwa cikin mako ya tafi.

Shago da kaji na wanda ke da abokin tarayya ne na gaske, mai zama a wurin wuni guda yana cin kaso daga riba maimakon albashi. Sun kuma dace da wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu ya yi ritaya, yana so ya koyi sana'ar da zai zauna a kanta daga baya. Shi wannan ya fara da kaji hamsin ko kanta ɗaya, ya ɗauki abin da zai rasa a shekarar farko a matsayin kuɗin koyo, ya ajiye babban jarin sai ranar da zai iya buɗe ƙofar da hannunsa kowace safiya.